Wuta ta gama aikinta, saura hannu da bokiti

Kawuna yana gasa agashe a bakin kasuwa a Gadarif tun kafin a haife ni. Ga wanda bai san Sudan ba, agashe tsirenmu ne na gida, kuma ko daga jin sunan ka san bakin da ya raɗa shi. Kakanninmu suka zo da shi a kan hanyarsu ta zuwa Makka, yau kuwa babu garin da za ka shiga a ƙasar nan ba ka ji ƙamshinsa bayan magariba ba.

A daminar 2024, bayan da aka sanar da ɓarkewar kwalara a watan Agusta, wasu masu wayar da kai suka tara masu sayar da abinci a ƙarƙashin wata rumfa. Wani saurayi ya tsaya da takarda a hannu, ya yi ta karatu da Larabcin littafi kusan awa guda. Hula, rigar aiki, safar hannu, firji, katin lafiya, ya jero abubuwa sun fi goma, ya rufe da maganar tara. Da Kawu ya dawo gida na ce, "Kawu, me suka ce muku?" Ya cire hularsa ya ajiye, ya ce, "Sun ce mu ƙazamai ne, kuma mu sayi firji." A garin da wutar lantarki sai ta ga dama take zuwa.

Ban zargi saurayin nan da mugun nufi ba. Kwalara gaskiya ce, mun gan ta a Gadarif a Satumban 2023, ta sake dawowa, kuma mun binne mutane. Abin da nake cewa shi ne irin wannan jawabi ba ya sauya komai a kan tire. Mutumin da ya shekara talatin a sana'a, idan ka fara da nuna masa bai san tsafta ba, ya toshe kunne tun kafin ka kai abu na biyu. Idan kuma ka ba shi dokoki goma sha biyu, rabinsu sai da kuɗin da ba shi da su, zai watsar da su gaba ɗaya, har da masu sauƙin. A ra'ayina jawabin tsafta ga mai abincin bakin titi ya kamata a yi shi a gaban tukubarsa, cikin harshensa, a fara da abin da yake yi daidai, kuma kada ya wuce kalmomi uku da zai iya maimaitawa yana hura wuta: hannu, ruwa, lokaci.

Abin da yake yi daidai kuwa babba ne. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta. Naman da zafi ya ratsa cikinsa har ya kai digiri 70, kusan duk abin da ke kawo gudawa ya mutu a cikinsa, har da ƙwayar kwalara, wadda ba ta da juriyar zafi ko kaɗan. Agashe yankansa siriri ne, wuta tana ratsa shi da wuri. Tsinken da aka sauke daga garwashi yanzun nan, yana tururi, yana cikin abinci mafi aminci da za ka samu a kasuwar. Haka ta'amiyya, ƙosanmu na nan, da aka tsamo daga mai, haka shayin da ya tafasa. Matsalar tana farawa ne daga lokacin da abincin ya bar wuta zuwa lokacin da ya shiga baki. Duk abin da ya taɓa shi a wannan tsakani, shi ne abin dubawa.

Na roƙi Kawu ya bar ni in zauna wurinsa yini guda. Ya ce in zo, in dai ba zan hana shi ciniki ba.

Naman yakan saye shi da hantsi wajen mahauta. Bayan azahar ya yanka shi falle-falle a kan katako, ya soke a tsinke, ya birkiɗa shi cikin babban tiren yaji, wato garin ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri da sauran abin da ba ya gaya wa kowa. Bayan la'asar ya kunna gawayi. Ciniki yana kankama da magariba, ya kai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Duk wannan babu abin cewa. Sai da mai saye na farko ya zo na ga abin da nake nema. Kawu ya ɗauko tsinke biyar masu zafi, ya zare naman a kan katakon nan da ya yanka ɗanye, ya daddatsa da wuƙar nan, sannan ya kai hannu cikin tiren yajin nan, ya ɗebo ya barbaɗa a kai. Yajin da ɗanyen nama ya kwanta a ciki tun azahar, jininsa da ruwansa sun jiƙa shi, ya yini a zafin rana. Wuta ta wanke naman tas, shi kuma ya mayar masa da abin da wutar ta cire.

Wannan shi ne kuskuren da na fi gani wajen masu agashe, kuma babu wanda ya ambace shi a ƙarƙashin rumfar nan, domin wanda ya rubuta takardar bai taɓa tsayawa a bayan tukuba ba. Gyaransa kuma bai kai kuɗin tsinke biyu ba. Tun da safe, kafin nama ya zo, a raba yaji gida biyu. Na birkiɗa ɗanye yana cikin tirensa, abin da ya rage a ciki a ƙarshen rana a zubar. Na barbaɗawa yana cikin gwangwani mai murfi, a huda murfin a riƙa kaɗawa, ko a sa cokali, hannu ba ya shiga. Wuƙa biyu, a ɗaura wa ta ɗanye jan zare a ƙota. Katako na ɗanye, faranti na gasasshe, kuma kada su yi musanya ko da ciniki ya yi zafi. Da na faɗa wa Kawu, sai da ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato yajin ne." Bai yi gardama ba, don ya ga abin da idonsa. Da cewa na yi "ku guji cuɗanyar ɗanye da dafaffe", da ya gyaɗa kai ya ci gaba da abin da ya saba.

Sai hannun kansa. Hannun da ke yanka nama shi ke karɓar kuɗi, shi ke gaisawa da duk wanda ya wuce, kuma Kawu mutum ne na jama'a. Tsakanin wannan da wancan yakan goge shi a wani tsumma da ke rataye a kafaɗarsa. Tsumman nan yana goge wuƙa, yana goge katako, yana goge zufa. Da za a tambaye ni abu mafi datti a duk wurin, shi zan nuna, gaba da kwatar da ke gefe, don kwata ba ta taɓa nama. Safar hannun da ake ta wa'azinta ba ta magance wannan. Na ga masu abinci sanye da safa ɗaya tun safe, suna karɓar kuɗi da ita, suna ɗaukar burodi da ita, ga zufa ta taru a ciki. Gara hannu tsirara da ake wankewa. Kawu yana da yaro mai hura masa wuta da kai saƙo, sai muka ce kuɗi ya koma hannun yaron. Wanda ba shi da yaro ya yi abin da muka taso da shi, kowane hannu da aikinsa: dama ta abinci, da cokali ko matsefin ɗaukar nama, hagu ta kuɗi.

A nan ne ake bukatar ladabi, kuma a nan masu jawabi suka fi yin ɓarna. Ka ce wa dattijon da ke alwala sau biyar a rana ya riƙa wanke hannu bayan ya zaga, ka zage shi. Ya san tsarki tun kafin a haifi ubanka. Abin da zai karɓa shi ne a bambance masa cewa tsarki na ibada ne, ruwa ya isar masa, amma ƙwayar cuta tana maƙalewa a maiƙon fata da ƙarƙashin farce, ruwa zalla ba ya ɗauke ta duka, sai an cuɗa da sabulu kamar na daƙiƙa 20, tsakanin yatsu da bayan hannu, in babu sabulu a sa toka. Sannan a gaya masa abin da yawancin mutane ba su sani ba: mafi yawan waɗanda ƙwayar kwalara ta shiga cikinsu ba sa jin komai, lafiyarsu ƙalau, amma suna fitar da ita a bayan gida har kwanaki. Idan ya ji haka, ya gane ba a ce shi ƙazami ba ne. Ana cewa ne a lokacin annoba ni da shi da likitan duk muna iya ɗauke da ita ba mu sani ba. Lokutan wankewa kuma uku suka isa a riƙe: kafin a fara aiki, bayan an zaga ko an wanke wa yaro, bayan an taɓa ɗanyen nama.

Maganar ruwa wajen Goggo na koye ta, ƙanwar mahaifina, wadda ke sayar da shayi da safe, da rana kuma godo-godo. Shayinta babu abin tsoro a cikinsa, a kan gawayi yake tafasa. Amma a gefen kujerarta akwai bokiti ɗaya da kowane kofi ke nitsewa a ciki ya fito. Da safe ruwan garau yake. Kafin hantsi kofi hamsin sun yi wanka a ciki, ya koma launin shayi da madara, ga ɗumi, ga sukari, abincin ƙwayoyin cuta sosai. Kofin da ya fito daga nan bai wanku ba, ya dai karɓi rabonsa daga bakin mutum hamsin. Na ce mata, "Goggo, ruwan nan fa?" Ta ce, "Ɗan nan, ka san nawa mai karo yake sayar min da jarka?" Tana da gaskiya. Ruwa a Gadarif saye ake yi, daga gangar da jaki ke ja, kuma duk shawarar da ta manta da haka shawarar banza ce.

Sai muka yi lissafi tare. Roba biyu ƙanana maimakon bokiti babba: ta farko da ruwan sabulu, ta biyu ta ɗauraya. Sannan abin da take da shi kyauta, wato butar da ke kan wuta kullum, ta kwarara wa kofin tafasasshen ruwa kaɗan, ta kife shi a kan tire ya bushe da kansa, ba a goge shi da ƙyalle. Ruwan ɗauraya idan ya fara sauya launi ya koma na sabulu, na sabulu a watsar. Da haka ruwan da take kashewa bai fi na da da yawa ba. Mai faranti da yawa, kamar mai ful, wato dafaffen wake, ko mai shinkafa, wanda tafasasshen ruwa ba zai ishe shi ba, ya sa roba ta uku: cokalin cin abinci ɗaya na ruwan bilic na wanki, irin mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari marar turare, a cikin lita 4 na ruwa, faranti ya ɗan jima a ciki kamar minti biyu, a kife. Kada a haɗa bilic da sabulu ko wani maganin wanki a roba ɗaya, kuma a sake haɗa sabo kowace rana, don ƙarfinsa yana gudu a rana da zafi.

Inda haɗarin Goggo ya fi yawa shi ne godo-godo, domin bayan an dafa geron ana dama shi da nono da ruwan sanyi, wani lokaci da ƙanƙara, kuma ba ya sake ganin wuta. Duk abin da ke cikin ruwan damun yana tafiya kai tsaye cikin mai sha. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar cuta, ajiye ta take yi. Haka ruwan da ake wanke albasa da tumatir na agashe, haka wanda ake dama dakwa da shatta, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa da barkono. Wannan ruwan shi ya kamata a ware: jarka ɗaya mai ƙaramin baki da murfi, wadda hannu da moɗa ba sa shiga, a tafasa ruwanta ko a jefa ƙwayar kulorin. Ƙwayoyin nan girmansu ya bambanta, don haka a bi adadin litar da aka rubuta a jikin takardarsu, a jira minti 30 kafin a taɓa. Ruwan damina mai laka sai an bar shi ya kwanta, an tace da ƙyalle mai tsabta, in ba haka ba lakar ta cinye maganin. Alamar ya yi aiki ita ce ɗan warin kulorin da za ka ji bayan rabin awar. Mutanenmu suna ƙin warin nan, har wasu su ce yana hana haihuwa, abin da ba shi da tushe. Ni kam a lokacin kwalara ruwan da ba ya wannan warin shi nake tsoro.

Lokaci shi ne na uku, kuma shi ya fi wuyar karɓa domin yana taɓa aljihu. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 ƙwayoyin cuta suna hayayyafa, kuma idan yanayi ya yi musu daɗi suna iya ninkawa kowane minti 20. Ƙwaya ɗaya a awa huɗu ta haura dubu huɗu, a awa bakwai ta haura miliyan biyu. Zafin Gadarif a watan Afrilu yana wuce digiri 40, ka ga ke nan tiren da ke kan tebur ɗakin ƙyanƙyasa ne. Shi ya sa ake cewa dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba cikin sanyi ba, kuma a irin zafinmu awa biyun ma rangwame ne. Mai agashe ba shi da ma'aunin zafi, amma yana da yatsa: tsinken da ke jingine a gefen tukuba, idan za ka iya riƙe namansa ba ka ji ƙuna ba, ya fita daga hannun wuta. A gasa kaɗan-kaɗan gwargwadon masu saye, a yanka albasa kaɗan-kaɗan, ɗanyen da ke jira ya zauna a kula da guntun ƙanƙara a inuwa.

Kawu ya ce, "To ai kwantai ina mayar da shi wuta, ya yi zafi zau." Nan ne na ce masa ɗumame ba ya gyara komai da komai. Akwai ƙwayar da ke zaune a hancin mutane da fatarsu da ƙurajen hannu, idan ta samu awoyi a kan nama ko nono sai ta zuba dafi, dafin kuma wuta ba ta lalata shi. Shinkafar da ta kwana a tukunya ma tana da irin nata. Abincin ba ya wari, ba ya yauƙi, ɗanɗanonsa lafiya. Hanci ba alƙali ba ne a nan.

Ana iya gane inda matsala ta fito daga lokacin da ciwo ya tashi, kuma wannan ilimi yana kare mai sana'a kamar yadda yake kama shi. Amai mai ƙarfi cikin awa ɗaya zuwa shida bayan cin abinci, galibi babu zazzaɓi, kuma mutum uku huɗu da suka ci tare duk sun kamu, wannan dafin nan ne, a duba kwantai da hannu mai ƙurji. Gudawa da zazzaɓi da murɗar ciki bayan rabin yini zuwa kwana uku ta fi kama da aikin ɗanyen nama da ya taɓa gasasshe, a duba yaji da katako. Gudawa kamar ruwan shinkafa, mai yawa, babu zazzaɓi, mutum yana zubewa cikin awoyi, wannan kwalara ce har sai an tabbatar ba ita ba ce: a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, in babu na leda a haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, yana sha ana tafiya asibiti. Taifod kuwa sai bayan mako ɗaya zuwa uku take bayyana, don haka wanda ya ce agashen jiya ne ya sa masa taifod yau ya yi wa mai agashe ƙazafi.

Na san masu cewa a bar duk wannan, idan annoba ta zo a hana sayar da abinci a titi kawai. Na fahimci tsoronsu. Amma tun da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023 garin nan ya cika da waɗanda suka gudo daga Khartum da Madani, da yawansu ba su da murhu, wasu kuma tiren nan shi ne kaɗai abin da ya rage musu na neman abinci. Hani ba ya rufe ciki. Yana tura mai abinci lungu ne, inda babu mai ganinsa. Kuma ga abin da masu kasha, wato jami'an da ke kamen masu abinci a titi, ba sa lura da shi: matar da ta san kowane lokaci mota za ta iya tsayawa a kwashe mata kaya, ba za ta zo da roba uku da jarka da kula ba. Za ta zo da abin da za ta iya sura ta gudu, bokiti ɗaya. Kamen da ake yi da sunan tsafta shi ke haifar da bokitin nan. Katin lafiya ma, ban ce a soke shi ba, amma shaidar ranar da aka yi gwajin ce kawai, ba ta cewa komai game da yajin yau.

Da hukuma za ta zuba kulorin a kowace gangar karo a wurin da ake cika ta, ta sa ban ɗaki da sabulu a kasuwa, ta ba mai abinci wurin zama da ba za a kore shi ba, da ta ɗauke rabin aikin. Sauran rabin kuma a bar wa 'yan sana'ar su faɗa wa junansu. Awadiya Mahmud Koko, mai shayin da ta haɗa mata masu shayi da abinci a ƙungiya a Khartum, har aka karrama ta a Amurka a 2016, ta nuna cewa matan nan suna iya tsara kansu. Mu ma muna da sarkin fawa, muna da adashi. Doka mafi wuya ita ce mai gudawa ko amai ya bar tire har sai ya yi kwana biyu da warkewa, kuma babu wanda zai bi ta idan hutun kwana biyu yana nufin yara su kwana da yunwa. Adashin da zai riƙe masa cefanen kwanakin nan zai sa ya zauna a gida, abin da tara ba ta taɓa yi ba.

Na koma wurin Kawu bayan sati biyu. Gwangwanin yaji yana nan, an huda murfinsa da ƙusa. Jan zare yana ƙotar wuƙa, yaro yana karɓar kuɗi yana ƙirgawa da ƙarfi don a san shi ne ma'aji. An rataye buta da guntun sabulu a jikin tukuba. Kula dai bai saya ba, ya ce sai bayan kaka, amma ya koma sayen nama bayan azahar. Tsumman kuwa yana nan a kafaɗarsa. Na dube shi, ya dube ni, ya ce, "Wannan na zufa ne yanzu, ɗana. Zauna ka ci, tun yana tururi."